Fararen duwatsu goma sha huɗu: kundin aikin raba kwaz da kalsayit

4 ga Maris

Yau na zazzage akwatin a kan tebur. Duwatsu goma sha huɗu ne, dukansu farare ko masu haske kamar gilashi, mafi girmansu bai wuce dunƙulen hannu ba. Laima ta shiga akwatin, takardun sunan da aka manna musu duk sun ɓanɓare sun taru a gindi. Waɗanda ake iya karantawa, shida an rubuta kwaz, biyar kalsayit, uku kuwa tawadar ta wanke. Kwaz da kalsayit ma'adinai biyu ne masu kama da juna a ido. Aikin da ke gabana shi ne mayar wa kowane dutse sunansa, domin da su za a koya wa ɗalibai, kuma ba na son yaro ya riƙe kalsayit a hannu ana ce masa kwaz ne.

Na ɗiga wa kowanne farin fenti a gefe, da ya bushe na rubuta lamba 1 zuwa 14. Sannan na yi wani abu da gangan: kafin in taɓa wuƙa ko asid, na dube su da ido kawai na rubuta abin da nake zato, na naɗe takardar na ajiye. Ina son in ga iyakar inda ido zai kai ni.

Launi dai ba zai taimaka ba, domin dukansu biyun suna zuwa fari, ruwan toka, ruwan ɗorawa, ruwan hoda, ko garau babu launi. Nauyi ma haka. Kwaz ya ninka nauyin ruwa sau 2.65, kalsayit sau 2.71, kuma babu hannun da zai ji wannan bambanci. Abin da ya rage shi ne tauri, asid, da yadda dutsen ke tsagewa.

6 ga Maris

Ranar tauri.

Ma'aunin da ake amfani da shi na Friedrich Mohs ne, Bajamushen da ya tsara shi a 1812. Ya jera ma'adinai goma, kowanne yana iya karce na ƙasa da shi. Kalsayit ne na 3, kwaz na 7. Tsakaninsu akwai fili mai faɗi, kuma kayan da ke aljihun mutum sun faɗa cikin filin nan daidai: farce wajen 2.5, jan ƙarfe wajen 3, bakin wuƙa da gilashin taga wajen 5.5. Ke nan wuƙa tana karce kalsayit cikin sauƙi amma ba ta iya yi wa kwaz komai, shi kuma kwaz yana karce gilashi.

Na fara da farce. Goma sha uku ba su nuna alama ba. Lamba 13 kuwa farcena ya shige shi ya bar layi, har farin gari ya maƙale mini a ƙarƙashin farce. Wannan ya fita daga sahun biyun nan gaba ɗaya. Taurinsa bai wuce 2 ba, jifsam ne. Ɗaya daga cikin takardun da suka wanke ta sami mai ita.

Sai wuƙa. A kan kalsayit ana jin abin a hannu tun kafin a gani. Bakin wuƙar yana kamawa, yana nutsewa, ya bar kwari da farin gari a gefensa. Lamba 2, 5, 6, 10 da 14 duk haka suka yi. Lamba 12 ma ya karce, sai dai na ɗan ƙara dannawa. A kan lamba 1, 3, 8 da 11 wuƙar zamewa take yi kamar a kan tangaran, tana ƙara mai tsini.

Lamba 4 ne ya kusa kai ni ƙasa. Na ja wuƙar, na ga layi ruwan toka ya fito sarai a kan farin dutsen, har na ɗauki alƙalami na rubuta "ya karce". Da na ɗaga shi zuwa haske sai na ga layin yana ƙyalli irin na ƙarfe. Na jiƙa yatsa na goga, rabinsa ya tafi. Na sa madubin hannu mai ƙara girma sau 10, sai ga shi layin a saman dutsen yake kwance, ba a cikinsa ba. Ashe dutsen ne ya ci wuƙar, ƙarfenta ya goge ya zauna a kansa, kamar yadda fensir ke barin layi a takarda. Tun daga nan na sa wa kaina doka: duk layin da na ja, sai na goge da jiƙaƙƙen yatsa, sannan in bi ta kansa da farce a gicciye. In kwari ne na gaske farcen zai ɗan sarƙe a ciki. In shafe ne kawai, zai wuce sumul.

Bayan haka na juya gwajin. Na kwantar da gilashi mai kauri a kan tebur, na nemi kusurwa mai kaifi a jikin kowane dutse na danna na ja. Ba a riƙe gilashin a tafin hannu, in ya fashe hannun zai tafi da shi. Lamba 4 ya yanka gilashin da ƙara "ƙirrr", layin bai gogu ba. Kalsayit ma yana barin farin layi a gilashi, amma garin jikinsa ne, yatsa ɗaya ya share shi gilashin ya koma garau. Kuskure ɗaya ne da na wuƙa, ta ɗaya fuskar.

Biyu ban gama da su ba. Lamba 7 ya karce gilashi, amma da ƙyar, layin siriri. Lamba 9 kuwa wuƙa ta karce shi a wani gefe ta zame a wani gefen, kuma kusurwarsa ta yanka gilashi sosai.

9 ga Maris

Ban yi komai ba yau sai haɗa kayan asid. Na samo asid mai suna HCl da aka riga aka sirka zuwa kashi 10 cikin 100 a ƙaramar kwalba mai ɗigo, da tabaron kariya, safar hannu, da kwano cike da ruwa na ɗauraya. Wanda zai sirka da kansa ya tuna asid ake zubawa cikin ruwa a hankali, ba ruwa cikin asid ba, domin haɗuwarsu tana fitar da zafi har ya fantsama.

Wani ya ba ni shawarar in yi amfani da ruwan batir tunda ya fi sauƙin samu. Ban karɓa ba. Ruwan batir asid na salfa ne. Ban da haɗarinsa ga fata da ido, in ya taɓa kalsayit yana haifar da jifsam a saman dutsen, wannan ɓawon ya toshe hanya, kumfar ta yi rauni ta mutu da wuri. Sai mutum ya ɗauka dutsen ne bai amsa ba.

11 ga Maris

Ɗigo ɗaya na sa wa lamba 2, nan take wurin ya hau tafasa, farar kumfa ta taso, da na kai kunne kusa ina jin "shiii". Abin da ke faruwa shi ne:

CaCO3 + 2HCl → CaCl2 + H2O + CO2

CaCO3 shi ne kalsayit, kumfar kuma iskar CO2 ce ke fita. Kuma ba kaɗan ba ce. Giram 1 na kalsayit in ya narke duka yana ba da giram 0.44 na iskar, wanda a zafin ɗaki ya kai wajen mililita 240, kusan cikin kofi. Shi ya sa ɗan abin da ɗigo ɗaya ya ci ya isa ya cika wurin da kumfa. Kwaz kuwa SiO2 ne, babu kabonet, wato CO3, a jikinsa da zai saki iska, ɗigon zama yake yi a kansa kamar raɓa har ya bushe.

Lamba 2, 5, 6, 10, 14 sun tafasa. Lamba 1, 3, 4, 8, 11 shiru. Waɗannan goma sun yi daidai da abin da wuƙa ta faɗa, ba ni da sauran shakka a kansu. Lamba 7 shiru. Bayan kowane gwaji na tsoma dutsen a ruwa na goge, domin asid yana cin fuskar kalsayit ya bar ta dusashe. Saboda haka a ƙasan dutse nake ɗigawa, ba a kyakkyawar fuskar da ɗalibai za su duba ba.

Na gwada finega, wanda wasu ke kira ruwan khal, don in san abin da zan ce wa wanda ba shi da HCl. Asid ɗin da ke cikinsa wajen kashi 5 cikin 100 ne, kuma mai rauni. A kan lafiyayyar fuskar lamba 2, da ido tsirara kusan ban ga komai ba. Sai da madubi na ga ƙananan ƙwayoyin iska suna tsirowa ɗaya bayan ɗaya. Da na kankare ɗan gari da wuƙa na ɗiga a kan garin, kumfar ta fito fili. Yana aiki ke nan, amma da gari da haƙuri. Wanda ya ɗiga finega a fuskar dutse ya ɗauke kai bayan daƙiƙa biyu zai kira kalsayit kwaz.

Lamba 12 ya ba ni aiki. Wuƙa ta karce shi, amma HCl ya zauna a kansa kusan shiru, sai ƙwayar iska ɗaya ɗaya. Na koma kan kwarin da wuƙa ta yi ranar 6 ga wata, inda garin yake, na ɗiga a can. Kumfa ta taso, a hankali amma babu musu. Wannan halin dolomayit ne, CaMg(CO3)2, ɗan'uwan kalsayit mai maganiziyam a ciki. Taurinsa 3.5 zuwa 4, abin da ya sa na ji sai na ƙara dannawa, kuma asid mai sirki da ba a ɗumama ba ba ya kama shi da sauri sai an niƙa shi. Da asid kaɗai na dogara, da na tura shi cikin kwaz.

Lamba 9 ya tafasa sosai. Dutsen da ya yanka gilashi.

15 ga Maris

Kwana huɗu lamba 9 yana kan teburina ina juya shi. Ma'adini ɗaya ba zai yi taurin 7 kuma ya narke a asid mai sirki ba, don haka ko na yi kuskure a gwaji ɗaya, ko ba abu ɗaya ne a hannuna ba.

Na kai shi wurin tsohon malamina, wanda ya daɗe da ajiye aiki. Ya karɓa, bai ko sa madubi ba, ya ce, "A ina ka ɗiga asid ɗin?" Na nuna masa. "A ina ka ja gilashin?" Na nuna masa kusurwar, can ɗaya gefen. Ya miƙo mini ya ce, "To ai wurare biyu ka tambaya, kowanne ya ba ka amsarsa. Koma ka fasa shi, ka tambayi wuri ɗaya." Na ce, "Malam, ina jin ɓarnar samfurin." Ya ce ɗan ɓalli kamar ƙwayar wake ya isa, kuma samfurin da ba a san sunansa ba ai babu abin da za a ɓata a jikinsa.

16 ga Maris

Kafin in fasa lamba 9, na ga ya kamata idona ya saba da yadda kowanne ke fashewa. Na ɗauki lamba 5 da lamba 8, na naɗe kowanne a tsumma, na sa tabaro, na ɗora cizil a gefe na buga da guduma sau ɗaya.

Lamba 5 bai yi gardama ba. Ɓallin ya rabu ƙwas, fuskarsa shimfiɗe tana walƙiya. Gutsattsarin da suka zubo a tsumman, manya da ƙanana, duk siffa ɗaya gare su: kamar akwatin ashana da aka danna ta gefe ya karkace. Na ɗauki ɗaya na sake bugawa, ya rabu zuwa ƙanana masu irin siffar. Na sa madubi a kan wanda bai fi ƙwayar yashi ba, shi ma haka. Wannan ita ce tsagewa. A cikin kalsayit ƙwayoyin zarra a jere suke ta yadda akwai shimfiɗu uku da riƙonsu ya fi rauni, kuma ko ta ina aka buga, ta nan ƙarfin ke bi. Daga irin waɗannan gutsattsarin kalsayit ne Bafaranshe René Just Haüy, a ƙarshen ƙarni na 18, ya kai ga ra'ayin cewa kiristal tubala ne ƙanana iri ɗaya aka jera.

Na auna kusurwar. Na kwantar da fuska ɗaya a tebur, na jingina kati a ɗayar, na zana, na auna da ma'aunin kusurwa irin na ɗalibai. Sau uku: digiri 76, 74, 75. Ta ɗaya gefen 105. Abin da aka sani ga kalsayit ke nan, wajen 75 da 105. Muhimmin abin shi ne ba 90 ba ne. Babu kusurwa ko ɗaya a jikin gutsuren da ta tsaya cak.

Lamba 8 sai da na buga sau uku, ya tashi da ƙara, ɓallin ya fito da kaifi kamar reza. Fuskar da ta bayyana ba shimfiɗaɗɗiya ba ce. Lanƙwashe take kamar cikin cokali, da zobba-zobba suna bazuwa daga inda cizil ya taɓa, irin abin da ake gani a gindin fasasshiyar kwalba. Babu gutsure biyu da suka yi kama da juna. A kwaz kowace ƙwayar silikon tana riƙe da ƙwayoyin oksijin huɗu, kowace oksijin tana haɗa silikon biyu, saƙar ta tafi ko'ina da ƙarfi kusan ɗaya. Babu shimfiɗar da ta fi rauni da zai bi, sai ya fashe yadda ƙarfin bugun ya kai shi. Saƙar nan ɗaya ce ta ba shi taurin 7.

Akwai tarko a nan da ya kama ni ranar farko. Lamba 3 da lamba 11 suna da fuskoki shimfiɗaɗɗu masu sheƙi, kuma a takardar zatona na rubuta lamba 11 kalsayit saboda su. Amma waɗannan fuskokin girma ne, kiristal ɗin ya tsiro da su, ba tsagewa ba ce. Ana gane su ta hanyoyi uku da na gwada yau. Jikin kiristal na kwaz gefe shida ne, kowace fuska tana haɗuwa da maƙwabciyarta a digiri 120, abin da Nicolas Steno ya lura tun 1669 cewa ba ya canzawa komai girman kiristal ɗin. A kan fuskokin akwai siraran layuka a gicciye, kamar matakalar tsani, ana jin su da farce. Sannan inda kiristal ɗin ya ɓalle daga uwar dutse, a gindinsa, fashewar nan ce mai lanƙwasa. Fuskar girma a waje kawai take. Tsagewa kuwa tana ko'ina a ciki, kuma ko ba a fasa ba ana hango ta: a lamba 6, mai haske, ina ganin tsagogi madaidaita a cikin dutsen suna tafiya a jere, a gefensa kuma ƙananan matakala.

Hanyar da na fi jin daɗinta ita ce ta fitila. A riƙe dutsen ƙarƙashin fitila ɗaya a juya shi a hankali. In tsagewa ce, duk ƙananan matakalan za su haska lokaci ɗaya su mutu lokaci ɗaya, domin duk fuska ɗaya suke kallo. A fasasshen kwaz hasken yawo yake yi a kan lanƙwasar, ba ya tsayawa.

Da wannan fitilar na warware lamba 7. Ya haska a shimfiɗu biyu, kuma da na auna tsakaninsu, kusan 90. Ya karce gilashi da ƙyar, asid bai taɓa shi ba, ga tsagewa biyu a tsaye. Felsifa ne, wani ma'adini daban, taurinsa 6. Na ja kusurwar lamba 8 a kansa, ta bar kwari. Tauri da asid duka sun ce "ba kalsayit ba ne", kuma da a nan na tsaya da na rubuta kwaz. Tsagewa ce kaɗai ta hana.

18 ga Maris

Na fasa lamba 9.

Wajensa fari ne dusashe, bai ɗaya, babu abin da zai nuna akwai abu biyu. Sabuwar fuskar da ta buɗe kuwa, da madubi, labari daban. Mafi yawanta ruwan toka ne mai maiƙon ƙyalli, da ƙananan lanƙwasa. A cikinta wasu fararen jijiyoyi sun ratsa, mafi kaurinsu bai kai milimita 2 ba. Da na juya ƙarƙashin fitila, jijiyoyin ne kaɗai ke yin walƙiyar nan ta lokaci ɗaya.

Yanzu na tambayi wuri ɗaya, kamar yadda Malam ya ce. Na ɗauki allura maimakon wuƙa, ina kallo ta madubi. A kan ruwan tokar ta zame. A kan jijiyar ta nutse ta tono gari. Sai na tsoma tsinken ashana a asid na ɗauko ɗan mitsitsin ɗigo, domin ɗigon kwalba ya yi girma, yana malala ya rufe duka biyun. A kan ruwan tokar, shiru. A kan jijiyar, kumfa, kuma kumfar layi ta bi, daidai inda jijiyar ta bi. Ranar 11 ga wata da na ɗiga a waje duk wurin ya tafasa ne domin akwai siririn ɓawon kalsayit da ya lulluɓe wannan gefen, shi ne kuma wuƙa ta karce ranar 6.

Ke nan kwaz ne ya fara samuwa, daga baya ya tsattsage, ruwa mai ɗauke da kabonet ya bi tsagogin ya ajiye kalsayit. Ana iya karanta wanda ya riga wani: jijiyoyin ne suka yanka kwaz, ba shi ya yanka su ba.

Akwai abin da na kawar kafin in yarda da kumfar. Busasshen dutse mai ramuka yana iya fitar da ƙwayoyin iska in kowane irin ruwa ya shige shi, domin ruwan yana koro iskar da ke cikin ramukan. Na ɗiga ruwa zalla a wata jijiyar, babu ko ƙwaya ɗaya. Kumfar ta asid ce.

21 ga Maris

Na so in san yawan kowanne, domin shi zai nuna sunan da za a rubuta a gaba. Na ɗauki ɓallin da na cire, na farfasa shi ƙanana don asid ya kai ga jijiyoyin ciki, na auna a busashe: giram 8.4. Na zuba a kofin gilashi da mililita 50 na asid ɗin, a wuri mai iska, ban rufe ba, tunda iskar da za ta fita tana buƙatar hanya. Minti goma na farko kamar ana dafa shi. Bayan awa biyu ya lafa. Na ƙara ɗan sabon asid don in tabbata ba asid ɗin ne ya ƙare ba, babu kumfa. Na tace, na ɗauraye sau uku, na bar shi ya bushe kwana biyu.

Yau na auna: giram 7.1. An rasa giram 1.3, wato wajen kashi 15 cikin 100 na nauyin. A lissafi wannan ya saki iska kusan mililita 310, kuma bai buƙaci fiye da mililita 10 na asid ɗin ba, don haka 50 ɗin ya wadatar. Abin da ya rage a takardar tacewa gutsattsari ne masu kaifi, wasu da ramuka siraran inda jijiyoyin suke a da. Na ja ɗaya a gilashi, ya yanka.

Wannan adadi na ɓallin ne kawai, kuma daga gefen da ɓawon yake na cire shi, saboda haka ina ganin a dutsen gaba ɗaya kalsayit bai kai haka ba. A takarda na rubuta: kwaz, da jijiyoyi da ɓawon kalsayit. Shi ne na shida cikin takardun kwaz.

23 ga Maris

Na buɗe takardar zaton da na naɗe ranar 4 ga wata. Cikin goma sha huɗu na ci tara. Lamba 11 na ce kalsayit saboda fuskokinsa. Lamba 6 na ce kwaz saboda haskensa. Lamba 7, 12 da 13 kuwa na cusa su cikin sunaye biyun nan domin a raina na ɗauka sunaye biyu ne kawai a akwatin.

Lamba 6 ya ba ni wata ƙarin shaida. Na cire ɗan gutsure mai haske garau na ɗora a kan layin da na ja da biro, sai layin ya zama biyu. Da na juya gutsuren, layi ɗaya ya tsaya, ɗayan yana zagaya shi. Rasmus Bartholin ya bayyana wannan a 1669 a kan kalsayit mai haske da aka samo daga Ayisland. Na ɗora lamba 3 mai irin kaurin, layi ɗaya na gani. Kwaz ma yana raba haske, amma kaɗan ƙwarai, ido ba ya kamawa a ɗan gutsure. Gwajin yana da kyau, sai dai a cikin biyar ɗin kalsayit ɗina lamba 6 kaɗai ke da hasken da za a yi shi.

Na canza tsarin da zan ba ɗalibai. Da na shirya su fara da asid domin shi ya fi burge yara. Yanzu fitila da madubi ne farko, a nemi sabuwar fuska a ga ko abu ɗaya ne ko biyu, a zaɓi ƙwaya ɗaya. Sai allura ko wuƙa a kan wannan ƙwayar, a goge, a ji da farce. Asid a ƙarshe, a cikin kwarin da wuƙar ta yi, inda garin yake, ta yadda dolomayit ma ba zai ɓuya ba. Lamba 9 zan ba su a ƙarshen darasi ba tare da takardarsa ba.

26 ga Maris

Na rubuta sababbin takardu da tawadar da ruwa ba ya wankewa, na kuma buɗe littafi mai lambobin, don ko takarda ta sake faɗuwa lambar fentin tana nan. Na raba akwatin gida-gida da kwali. A da duk a cakuɗe suke, kuma da madubi na ga fuskokin lamba 2 da lamba 10 cike da ƙananan karce da ba ni na yi ba. Kwaz ɗin da suke kwana tare da shi ne ya yi ta gugarsu duk lokacin da aka ɗaga akwatin. Lamba 13 ya fi kowa shan wahala, gefunansa duk sun lalace, na naɗe shi a auduga.

Lamba 12 na rubuta masa dolomayit da fensir tukuna. Gutsurensa yana da tsagewa uku masu kusurwa kusan irin ta kalsayit, bambancin bai wuce digiri ɗaya da ɗan abu ba, katina da ma'aunin ɗalibai ba za su raba su ba. Abin da nake da shi a kansa shi ne jinkirin kumfa da ɗan ƙarin tauri. Gobe zan kankare gari daidai wa daida daga shi da lamba 14, in sa a faranti ɗaya gefe da gefe, in ɗiga musu asid lokaci ɗaya, in riƙe agogo.